Shelar Marta Mai Jere

A shekara ta biyu bayan tafiyar Nasara, damina ta yi kyau a Arewa. Gero ya cika rumbuna tun daga Matankari har Dogon Kiriya, kuma duk shekarar da rumbu ya cika, aure yakan yi yawa. A Dogon Dutsi ba a yin mako guda ba a ji guɗa ba.

Marta mai jere tana zaune a gindin dutse, bayan misiyon, wato majami'ar garin, a gidan da mijinta ya mutu ya bar mata. Aikinta gyaran ɗakin amarya. Takan shafe bango da farar ƙasa, ta sa a yi daɓe da makuba har ƙasa ta yi santsi kamar bayan tulu, ta kafa gado, ta rataya faya-fayai, sannan ta jera ƙorai da kwanuka da langa-langa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ta yadda hasken ƙofa zai faɗa a kansu. Idan auren majami'a ne, ta ɗaure ƙofa da ganyen giginya, ta yi furanni da takarda. Musulmi suna kiranta, Kirista suna kiranta, har gidajen masu bori. Tana da wata ɗabi'a: kafin ta taɓa komai, sai ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar ɗakin da babu kaya, ta yi ɗan gunji a maƙogwaro, ta saurara. Wai da haka take jin faɗin ɗaki. Ba ta taɓa awo da igiya ba.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa. Marta tana da kwanuka nata masu yawa, a ajiye cikin tsohon rumbun mijinta. Idan uwar amarya ta gaza, kayan ɗaki suka ƙi cika bango, sai Marta ta shigo da nata a lulluɓe cikin kwando, ta cike gurbin. Mata su zo ganin ɗaki, su yaba, su tafi. Bayan wata biyu ko uku, idan ƙafar baƙi ta ɗauke, kwanukan su koma rumbu bibbiyu. A gindin kowanne akwai ɗigon shuɗin fenti, ragowar wanda aka shafa wa ƙofar misiyon. Wadda aka yi wa ta sani, Marta ta sani, shi ke nan.

Sai dai garin ya fara canzawa. An turo sababbin ma'aikata, mushen lakwal, wato malamin makaranta, daga Tawa, jandarma daga Doso, komi, wato akawu, daga Damagaram, kowa da iyalinsa da 'ya'yansa mata. Waɗannan ba su san Marta ba, kuma ba su da gwaggo a gari da za ta raɗa musu sunanta. Aure biyu aka yi a unguwarsu, kowanne da motar Birnin Kabi aka ɗauko mai jere.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Félix, ƙanen mijinta, komi a biro, ofishin gwamnati, mai farar riga da alƙalami a aljihu. Shi ya ce a yi talla. Ya ce a rubuta a manna a ƙofar biro da tasha, kuma a ba Ɗantala sanƙira ya yi shela a kasuwa. Marta ta ce masa to, irin to ɗin da ake ce wa ƙanen miji don ya bar mutum ya ƙarasa tankaɗe. Ta manta da zancen.

Ranar jajibirin kasuwa, bayan la'asar, tana zaune tana wanke langa-langa da toka, sai ga shi da takarda a hannu.

"Matata, aje tokar nan ki ji abin da mijinki ya yi miki."

"Mijin da ko goro bai taɓa kawo min ba. Karanta, Komi, ina ji."

Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya kamar mompera, limamin majami'a, zai fara wa'azi.

"Jama'ar Dogon Dutsi da baƙinmu ma'aikata! Ga Marta mai jere, wadda babu irinta daga nan har Doso! Ita ta gyara ɗakin ɗiyar Mahmuda mahauci. Ita ta gyara majami'a ranar auren Clémentine. Wanda yake shakka ya je ya ga ɗakin Ladidi ɗiyar Balki, da aka yi jiya-jiya, bango uku cike da kwanuka! Kuma wanda kayansa ba su cika ba kada ya damu, Marta tana ba da aron kwanuka da langa masu kyau har biki ya wuce!"

Ya sauke takardar yana murmushi. Marta ba ta ɗago ba. Hannunta yana cikin langa, amma ya daina motsi.

Ɗakin Ladidi ta gani a idonta. Kwana goma sha biyu ke nan da kai yarinyar. Balki mai ƙosai ce, mijinta ya daɗe a kwance, kuma abin da ta tara bai cika bango ɗaya ba. Sauran biyun duk daga rumbu suka fito. Dangin ango mutanen Gesheme ne, masu ido, kuma gobe suna cikin kasuwa. In suka ji sunan Ladidi da maganar aro a numfashi guda, kafin azahar wata za ta shiga ɗakin ta kifa kwano ta duba gindinsa. Ba Balki kaɗai ba ma. Duk ɗakin da Marta ta taɓa shiga, har na waɗanda ba su ari ko ludayi ba, sai an bi shi da kallo.

"Komi, wa ya ji wagga takarda?"

"Ba kowa. Ban manna ba tukuna." Ya naɗe takardar. "Sai Ɗantala. Na karanta mishi sau ukku da hantsi."

Marta ta ɗauraye hannunta, ta goge a zane, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi.

A hanyar gidan Ɗantala ta yi masa bayani a taƙaice, ba ta ambaci sunan kowa ba. Félix ya yi lakwal har Yamai, ya san sunayen kogunan Faransa, amma bai taɓa shiga ɗakin amarya ya kifa kwano ba. Shi a ganinsa maganar aron ita ce gishirin tallar.

"Amma gaskiya ce na rubuta," in ji shi. "Kuma baƙi su suka hi bukata. Sun zo ba su da dangi. In ba a hwaɗa musu ba, ƙaƙa za su sani?"

"Gaskiya ce. Ba tawa ba ce ni kaɗai."

Suka tarar da Ɗantala a ƙofar gidansa, yana shafa wa kalangunsa mai. Tsoho ne siriri, wuyansa dogo, muryarsa kuwa in ya sake ta a kasuwa har awakin kan dutse sukan ɗago kai. Bai san ajami ba, bai san boko ba. A karanta masa abu sau uku, ya zauna daram.

"Uwar amare! Gobe sunanki sai ya kai Matankari ba mota."

"Shi nike gudu, Baba Ɗantala. So nike ka mance da abin da wanga ya karanta maka."

Tsohon ya aje kalangu, ya dube ta da tausayi.

"Ɗiyata, ba ya mantuwa. Ni shela ba a kai take zama ba, a ciki take zama, nan." Ya dafa ƙasan haƙarƙarinsa. "In ta shiga, sai ta hita ta baki. Shekarar hwara an ba ni cigiyar jaki. Kahin in yi, aka ga jakin. Aka ce in bari. Kwana ukku ina riƙe da ita, ba ci ba barci. Rana ta huɗu ina tsakiyar sunan jikan liman, an ce in hwaɗi sunan yaro, sai ji na yi ina cewa baƙi ne mai yankakken kunne, wanda ya gani ya kai gidan Idi."

Félix ya fashe da dariya har ya dafa bango. Marta ba ta yi dariya ba, don ta san labarin, kuma mutanen da suka halarci sunan suna nan da ransu.

"Sau nawa take bukatar hita?" ta tambaye shi.

"Sau guda ya isa. Amma da cikakkar murya. Raɗa ba ta hidda ta."

Suka yi shawara. Félix ya ce a hau dutse. Ɗantala ya ce daga kan dutse har kwamanda zai ji. Aka ce daji, ya ce daji cike yake da masu ɗaurin gero da Fulani da suka sauko cin kara. Aka ce rijiya, ya ce rijiya ba ta rabuwa da mata, kuma shi ba ya yi wa mazauna rijiya ihu, yana da iyali. Marta ta miƙe. Ta ce su biyo ta.

Rumbun yana bayan ɗakinta, na laka, mai ƙaton ciki, bakinsa a sama. Félix ya jingina tsani, ya ɗage hular ciyawar. Ɗantala ya hau a hankali yana ambaton Allah, ya kwanta da ciki a kafaɗar rumbun, ya zura kai da wuya. Marta ta miƙa tsofaffin zannuwa, Félix ya cusa su kewaye da kafaɗun tsohon har babu kafa. Daga ƙasa ba a ganin komai sai ƙafafu biyu sirara da gindin wando.

Sai ya saki murya.

A waje abin da ya fito kaɗan ne, kamar kukan sa daga wani ƙauye. Amma Marta ta kara kunnenta a jikin rumbun, ta ji duka. Kwanukan da ke ciki suka ɗauka. Kowace kalma ta faɗa musu sai su amsa da wani siririn amo, manya da nasu, ƙanana da nasu, har laka tana kaɗawa a kumatunta. Ta ji sunanta yana zagaye a ciki, babu irinta daga nan har Doso. Ba ta taɓa jin an faɗe shi haka ba. Shekara ashirin tana shiga gidajen mutane ta ƙofar mata, ta fita kafin a kawo amarya. Ta ji daɗinsa, ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Ta bar kunnenta a wurin har amon ƙarshe ya mutu.

Ɗantala ya zaro kai, gumi sharkaf, da yanar gizo a gemu.

"Alhamdu lillahi. Ta hita. Wa ke ajiyar ƙarhe a rumbu? Kunnena sai kuwwa yake."

"Tarkace ne," in ji Marta. "Sauko ka sha ruwa."

Ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura. Rana ta yi sanyi, inuwar dutse ta rufe tsakar gidan. Félix ya juya takardarsa, ya zare alƙalami, fuska a ɗaure.

"To, Madam. Ba sunan kowa, ba maganar aro. Mi ya rage? In rubuta akwai wata mata, tana nan?"

"Ni ma dai," in ji Ɗantala. "Shela ba suna, ina za ni ɗaga murya? Wa za ni kambama?"

"Kambama bikin," in ji Marta. "Su ke aure, ba ni ba."

Tsohon ya kurɓi fura, ya lumshe ido. Ya ɗan taɓa kalangu da yatsa. Ya ce a fara da gero, don kowa a kasuwa gero ne a ransa bana. Félix ya rubuta, ya ƙara da cewa jama'a masu daraja, Ɗantala ya ce a cire, numfashinsa ba ya kaiwa. Ya nuna musu yadda abin yake: kowace magana kada ta wuce abin da mutum zai faɗa kafin ya sake jan iska, kuma inda za a same ta a faɗe shi a ƙarshe, sau biyu, don shi ne mai saye zai tafi da shi gida.

"To, ke mi kike yi a ɗakin?" Félix ya tambaya. "Hwaɗa min kamar ban sani ba."

Ta faɗa masa. Farar ƙasa, daɓe, gado, faya-fayai. Ta ce tana zuwa da hantsi. Ta ce ba ta zuwa da 'yan rakiya, don 'yan rakiya su ke fita da labari. Ta ce uwar amarya takan zauna tare da ita su buɗe kaya su biyu, ƙofa a rufe, mai yawa ko kaɗan.

"Tsaya nan," in ji Ɗantala. "Wannan ta ƙofa a ruhe, sa ta."

Félix ya so ya sa mafi araha. Marta ta ce ba ta san na wasu ba. Ya so ya sa mai riƙon amana. Ɗantala ya ce duk ɓarawon da ya taɓa yi wa shela haka ya ce a faɗa. Suka bar shi a abin da take yi kawai. Kafin kiran magariba Félix ya karanta sau uku, tsohon ya haɗiye, ya shafa ciki, ya ce wannan ba ta da nauyi.

Washegari kasuwa ta cika tun hantsi. Amalanke daga Dogon Kiriya, raƙuma, matan Fulani da ƙoran nono. Marta ta je sayen makuba, ta ɗan daɗe a rumfar fiye da yadda sayen yake bukata. Daga nan tana hango Balki a bakin kaskonta tana juya ƙosai. Kusa da ita wata doguwar mata ce zaune a kan kujera, da mayafi mai ruwan ƙasa: Bilkisu, gwaggon angon Ladidi, wadda ta zo daga Gesheme.

Ɗantala ya gaida sarkin kasuwa, ya tsaya wajen masu hatsi, ya buga kalangu sau uku.

"Jama'a, gero ya shigo, Allah ya ba mu lahiyar ci!
Masu ɗiya, masu ɗa, lokacinku ne!
A yi guɗa, a yi kiɗi, a ci a ƙoshi!
Ɗakin amarya kuwa, a bar wa Marta.
Bango ya yi hwari, ƙasa ta yi santsi,
kwano ya kama hasken ƙohwa.
Tana zuwa da hantsi, ita kaɗai.
Ita da uwar amarya, ƙohwa a ruhe.
Kahin a kawo amarya ta tahi gida.
Abin da ta gani a gidanku, ba ta hita da shi.
Na masallaci, na majami'a, ɗan gari da baƙo,
gidan Marta, gindin dutse, bayan misiyon!
Gindin dutse, bayan misiyon!"

Wata tsohuwa mai daddawa ta rangaɗa guɗa don jin daɗinta kawai, aka yi dariya. Wani ya ce yau Ɗantala ya yi shela bai zagi kowa ba, bai yabi kowa ba, lalle tsufa ya zo. Kasuwa ta koma hayaniyarta. Balki ba ta ɗago daga kasko ba. Ƙosai ɗaya dai ya ƙone, ta tsame shi ta jefa wa kare.

Marta ta ɗaure makubarta za ta wuce, sai doguwar matar ta yafuto ta.

"Ke ce Martar?"

"Ni ce, Inna. An zo lahiya?"

Suka gaisa, gajiya, gida, mutanen Gesheme. Bilkisu tana magana tana kallonta tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Na ga ɗakin amaryarmu. Ya yi kyau. Na ce ashe ƙosai yana da albarka haka." Ta faɗa da ƙarfi yadda Balki za ta ji. "Ke da kika buɗe kayan, duka na uwarta ne?"

Man kasko yana ta ƙara. Marta ta gyara ƙullin makuba a kanta.

"Inna, ni jerawa nike yi. Ɗakin da na gama, ba ni zancensa."

"Ko da ni? Ɗana ne ke cikinsa."

"Ko da ke. In na yi naki, wata ta tambaye ni, abin da za ta ji ke nan."

Bilkisu ta ɗan taɓe baki, ta ce mutanen misiyon da taurin kai. Ta sayi ƙosai, ta sa aka ƙara mata gyara, ta tashi. Balki ta ɗebo guda huɗu masu zafi ta naɗe a ganye ta miƙa wa Marta ba tare da ta dube ta ba. Marta ta karɓa, ta ce yaji ya yi kaɗan, Balki ta ce in ba ta so ta aje.

Takardun da Félix ya buga da mashin, Hausa a sama, Faransanci a ƙasa, sun yi mako a ƙofar biro. Akuya ta cinye ta tasha. Daga unguwar ma'aikata mutum ɗaya ya zo, matar jandarma, ta yi tambaya ta ce za ta yi shawara. Félix ya ce da an bar tasa da yanzu layi ake yi. Marta ta ce mai yiwuwa.

Kasuwa ta zagayo. Da azahar Marta tana tsakar gida tana yanka takardar furanni, ta ji sallama. Bilkisu ce, ita kaɗai, ba 'yar rakiya. Ta ƙi tabarmar waje, ta ce rana. Suka shiga ɗaki. Ta sha ruwa, ta yi zancen hanya, ta yi zancen tsadar atamfa, ta yi zancen ciwon gwiwa. Sannan ta dubi ƙofa.

Marta ta tashi ta saki labule, ta jawo ƙyaure.

"Autata ce," in ji Bilkisu, muryarta ta sauka. "Bikinta bayan salla. Mutane suna ganin gidanmu babba ne. Shanun sun mutu shekara biyu ke nan, ba wanda muka hwaɗa wa." Ta murza bakin mayafinta. "Gesheme ta yi miki nisa?"

"Amalanke yana zuwa," in ji Marta. "Ɗakin, ƙohwarsa gabas take kallo ko yamma?"